Ina wutar take zuwa bayan ta wuce ƙwan fitila?

Tambaya: "Malam, ina koyar da fiziks a wata sakandare a Tudun Wada, nan Zariya. Kullum da ruwan famfo nake yi wa ɗalibai bayanin wutar lantarki, kuma suna ganewa a aji. Amma da aka zo gwaji, fiye da rabinsu suka rubuta cewa wutar da ke fitowa daga ƙwan fitila ba ta kai wadda ta shiga ba, wai ƙwan ya shanye wata. Kwatancen ne ba daidai ba, ko ni ce ban iya bayar da shi ba? In daina?"

Malama, kada ki daina, amma ki canza ruwan da kike nuna musu. Ina kyautata zaton hoton da ke kansu shi ne na tanki a kan ƙarfe, bututu ya sauko, famfo a ƙarshe, bokiti a ƙasa. Shi ne ruwan da kowane yaro a Zariya ya sani, daga Samaru har cikin birni. A wannan tsarin ruwa yana fitowa daga wuri ɗaya, ya tafi hanya ɗaya, a yi amfani da shi, ya ƙare, tanki ya zama wayam. Yaron da ya ɗora wannan hoto a kan batir da ƙwan fitila, in ya ce ƙwan ya shanye wuta, bai yi wauta ba. Kwatancen ya bi da gaskiya har inda ya kai shi.

Sannan harshenmu yana taya shi. Muna cewa dutsen guga yana shan wuta, firji yana cin wuta, batir ya ƙare, an kawo wuta, an ɗauke wuta. Duk maganar abin da ake kawowa a cinye ce. Abin da ya fi wannan dagula lissafi shi ne kalmar wuta ɗaya tak muke kiran abubuwa huɗu da ita. Idan maƙwabci ya ce yau wutar ba ta da ƙarfi, bolteji yake nufi. Idan mai gyara ya ce wuta ta yi wa wayar nan yawa, karant yake nufi. Idan aka ce hita ta fi fanka shan wuta, maganar wat ake yi. Idan maigida ya ce wutar mita ta ƙare, makamashin da ya saya ne ya ƙare. A cikin huɗun nan akwai wanda ake cinyewa da gaske, wato makamashi, akwai kuma wanda ba a taɓa cinyewa, wato karant. Muddin suna ɗaya suke amsawa a bakin yaro, zai ci gaba da ɗora halin wannan a kan wancan. Don haka ni a aji, daga ranar da muka shiga wannan darasi, nakan roƙi ɗalibai su ajiye kalmar wuta a bakin ƙofa. Duk wanda ya faɗe ta sai in tambaye shi: wacce daga ciki?

Hoton da ya dace shi ne bututu da aka lanƙwasa aka haɗa bakinsa da gindinsa ya zama zobe, cike maƙil da ruwa, babu iska ko kaɗan a ciki, babu ƙofar shiga babu ta fita. A wani wuri a jikin zoben akwai injin tura ruwa. A wani wurin kuma akwai maƙura, inda bututun ya tsuke, ko wani ɗan faifai mai fikafikai da ruwan ke juyawa idan ya zo wucewa. Injin shi ne batir. Ruwan shi ne cajin da ke cikin waya. Yawan ruwan da ke ratsa wani wuri a daƙiƙa ɗaya shi ne karant, bambancin matsi tsakanin wuri biyu shi ne bolteji, maƙurar kuma ita ce turjiya. Wanda ya taɓa leƙa injin mota ya san irin wannan zagaye, domin ruwan lagireto haka yake yawo tsakanin inji da lagireto, ya tafi ya dawo.

Da wannan zoben, ki tambaye su: idan lita biyu ke shiga maƙura a kowace daƙiƙa, lita nawa ke fita? Za su ce biyu, don babu inda sauran zai je. To me ya ragu? Matsi. Kafin maƙura matsin yana da yawa, bayanta ya faɗi, injin kuma ya sake ɗaga shi. Abin da faifan ya karɓa daga ruwan shi ne ƙarfin turawa, bai karɓi ko ɗigo na ruwan ba. Nan kwatancen yake aikinsa sosai, kuma har dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, V = I × R, tana zama daram a kansa: ƙara matsi, kwarara ta ƙaru, tsuke hanya, ta ragu.

Batir ma ya sami matsayinsa na gaskiya a nan. Ba tanki ba ne da aka cika da ilektaron ana ɗiba. Ko wane ilektaron ya fita ta baki ɗaya, wani ya shigo ta ɗaya bakin, adadin da ke ciki bai canza ba. Abin da ke ƙarewa shi ne sinadaran da ke ba shi ikon turawa, kamar yadda man inji ke ƙarewa ruwan zoben yana nan. Idan aka kai batir caji, ana tura karant ne ta baya don a mayar da sinadaran yadda suke.

Sai dai na daɗe da gane cewa bayani kaɗai ba ya cire wannan kuskure. Yaro zai gyaɗa kai, ya rubuta daidai a littafi, ranar jarrabawa tsohon tunaninsa ya dawo. Abin da na ga yana aiki shi ne gwaji ɗaya, kuma kayansa duk ana samu wajen masu kayan babur da mota a Sabon Gari. Ki nemi batirin babur mai bolt 12, da ƙwan mota guda biyu irin na dā masu zare a ciki, ɗaya mai wat 21 irin na sigina, ɗaya ƙarami mai wat 5. Kada ki karɓi irin na zamani mai farin haske da ba shi da zare, ba zai ba ki abin da ake nema ba. Sai guntayen waya, da maltimita, da ƙaramin fiyus mai amfiya 5 da za ki sa dab da bakin batir, saboda batir irin wannan idan waya ta haɗa bakunansa biyu kai tsaye tana iya yin ja ta ƙona hannu.

Fara da kunna kowanne shi kaɗai. Babban zai haska ajin, ƙaramin ya yi ɗan haskensa. Lissafin da sauƙi, P = V × I. Babban yana jan 21 a raba da 12, wato amfiya 1.75. Ƙaramin yana jan 5 a raba da 12, kusan amfiya 0.42. Daga nan ki fitar da turjiyar kowanne lokacin da yake ci: babban kusan om 7, ƙaramin kusan om 29. Ki tsaya a nan kaɗan, domin yara da yawa suna zaton babban ƙwai shi ne mai babbar turjiya. Akasin haka ne. Zarensa ya fi kauri, hanyarsa ta fi faɗi, shi ya sa karant mai yawa ke bi.

Yanzu ki jera su a layi ɗaya: daga batir zuwa ƙaramin ƙwai, daga ƙarami zuwa babba, daga babba a koma batir. Kafin ki haɗa wayar ƙarshe, kowa ya rubuta abin da yake tsammani a takarda ya ninke. Wannan rubutun yana da muhimmanci, don in ba a rubuta ba, bayan an gani kowa zai ce dama haka ya zata. Da kin haɗa, ƙaramin zai kama kusan kamar yadda ya yi shi kaɗai, babban kuwa zai zauna duhu kamar ya mutu. A duk shekarar da na yi wannan gwaji sai an sami wanda ya miƙe da murna ya ce, "Malam, ka gani ko? Na farkon ya shanye, bai bar wa na biyu komai ba." Ina son wannan lokaci ƙwarai, saboda kuskuren ya fito fili da bakin mai shi, ya kuma zo da hujjarsa a hannu.

Sai ki ce masa ya zo da kansa ya juya su, babban ya koma gaba, ƙaramin baya. In maganarsa gaskiya ce, babban zai sha ya ƙoshi, ƙaramin ya mutu. Ya haɗa. Ƙaramin ya sake kamawa, babban yana nan duhu. Ya juya bakunan batir, haka dai. Na tuna wata yarinya da ta tsaya riƙe da wayar ta yi shiru, can ta ce to ai babban ya ƙone ne. Na ce ta zare shi daga mazauninsa. Tana zarewa ƙaramin ya mutu nan take, ta mayar ya dawo. Ashe duk abin da ke kunna ƙaramin ta cikin wannan mai duhun yake bi.

Daga nan a ɗauko maltimita. A mayar da jar wayarta ramin da aka rubuta 10A, baƙar tana COM, a yanke layin a saka mitar a tsakani yadda karant zai ratsa ta cikinta. A auna a wuri uku: tsakanin batir da ƙwan farko, tsakanin ƙwayaye biyun, da bayan na biyu. Duk wuri ukun za ki ga kusan amfiya 0.4, lamba ɗaya. Ki kula da hannun yara a nan. Mita da ke kan awon amfiya kusan waya ce miƙaƙƙiya, idan aka ɗora ta a bakunan batir biyu kamar mai awon bolteji, fiyus ɗinta zai tafi, wata mai arha ma wayoyinta su narke. Bayan an gama sai a mayar da jar wayar raminta na bolteji, a auna gefe da gefen kowane ƙwai. Ƙaramin zai nuna wajen bolt 11, babban kuwa ɗan ƙasa da bolt 1. A haɗa su, a sami na batir.

Yanzu lissafi ya gama bayanin. Ƙaramin: 11 sau 0.4, wat 4 da ɗoriya, kusan cikakken abincinsa. Babban: ƙasa da bolt 1 sau 0.4, bai kai rabin wat ba, ga zaren da aka yi don wat 21. Ba zai ko yi ja ba. Karant ɗaya ne ya ratsa su, amma makamashin da kowanne ya karɓa daban, domin inda hanya ta fi tsukewa nan matsi ya fi faɗuwa. A zoben ruwa haka abin yake: maƙura mai tsanani da maƙura mai sauƙi a layi ɗaya, ruwan da ke bin su ɗaya ne, kuma ba ruwan tsarin da wacce ta zo farko.

Akwai ɗalibi mai kaifin kai da zai kama wani abu a nan, gara ki riga shi. Idan aka haɗa om 29 da om 7 an sami 36, a raba 12 da 36 a sami amfiya 0.33, babban kuma ya kamata ya ɗauki bolt 2 da wani abu. Mita ba ta nuna haka ba. Dalili shi ne om 7 ɗin nan na zare ne mai zafi fari fat. Zaren ƙwai idan yana sanyi turjiyarsa takan faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na wadda yake da ita yana ci. Tun da babban ɗumi kawai ya yi, bai yi zafi sosai ba, turjiyarsa ta tsaya wajen om 2. Wannan shi ne wuri na farko da bututu ya fara gaza mana, don maƙurar bututu ba ta ƙara tsukewa saboda ruwa ya bi ta. Shi ne kuma dalilin da ya sa ƙwai mai zare ya fi yawan ƙonewa a daidai lokacin da aka kunna shi, lokacin da zaren ke sanyi karant mai yawa ya afka masa.

To, ko da zoben da aka gyara, akwai wuraren da ruwa zai ɓatar da yara in ba ki ja musu layi ba. Wanda ya fi girma shi ne maganar gudu. A Zariya mun san yadda ruwan famfo ke dawowa bayan ya kwana biyu babu: famfo ya yi ta tari yana fitar da iska, sai jan ruwa mai laka, sannan mai kyau. Ruwan ya taso ne daga nesa ya cika bututun da ya bushe. Yaro yana ɗauka haka ake kawo wuta, wai waya ta zama fanko lokacin da aka ɗauke, sai ilektaron su taso a guje daga madatsar Shiroro ko Kainji su iso ɗakinsu cikin ƙiftawar ido.

Waya ba ta taɓa zama fanko. Guntun jan ƙarfe da ke rataye a shago, wanda bai taɓa ganin soket ba, cike yake da ilektaron masu iya motsi, kusan 8.5 × 10²⁸ a kowace mita kubik. Saboda yawansu, ba sa bukatar sauri kafin su ba da karant mai yawa. Amfiya ɗaya tana nufin kulom ɗaya na caji ya wuce a daƙiƙa, kulom ɗaya kuwa ilektaron kusan 6.24 × 10¹⁸ ne. Ki ba su wannan su lissafa da hannunsu: wayar soket mai kaurin 2.5 mm² tana ɗauke da amfiya 10, kwatankwacin abin da babbar hita ke ja.

v = I / (n × A × q)
v = 10 / (8.5 × 10²⁸ × 2.5 × 10⁻⁶ × 1.6 × 10⁻¹⁹)

Amsar ta kusa milimita 0.3 a daƙiƙa, wato wajen mita ɗaya a awa guda. Tururuwa ta fi su sauri nesa ba kusa ba. A wannan tafiyar, ilektaron da ya bar makunni a bakin ƙofa sai ya yi awoyi kafin ya kai ƙwan da ke silin. Amma ƙwan yana kamawa nan take, domin abin da ya yi gudu shi ne turawar, wadda ke bin waya da saurin da ya kusanci na haske, ta sa ilektaron da suke cikin zaren ƙwan tun asali su fara motsi. Tiyon da ke cike da ruwa yana ba da ɗan hoton wannan: ana buɗe famfo ruwa ya fito ta ɗaya bakin, kuma wanda ya fito ba shi ne wanda ya shiga yanzu ba.

Wutar gidajenmu ma ta wuce nan. Batir yana tura karant gefe ɗaya, amma ta soket, mai bolt 230, tana kai da komo ne sau 50 a daƙiƙa. Ilektaron ɗin ba sa zuwa ko'ina, rawa suke a wuri ɗaya. A waccan waya mai amfiya 10, duk nisan kai da komon bai wuce milimita 0.003 ba, bai kai kaurin silin gashi ba. Ga kuma taransifoma a hanya, tun daga manyan layuka masu bolt 330,000 har zuwa wadda ke bakin layinku. A cikin kowace akwai naɗin waya biyu, kuma a irin ta unguwa naɗin shiga da na fita ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne ke ɗaukar makamashin daga wannan ya miƙa wa wancan. Saboda haka babu ilektaron ɗin Shiroro da ke zuwa Tudun Wada. Na gidanki ne ake girgizawa daga nesa, kuɗin mita kuma na girgizar ne, ana auna shi da kilowat-awa. A nan ba na ƙoƙarin nemo wa taransifoma misali a bututu. Na ga masu ƙirƙiro fistin da faifai iri-iri don su ceci kwatancen, sai abin ya fi asalin darasin wuyar ganewa. Gara a gaya wa yara kai tsaye cewa ruwa ba shi da maganaɗisu, a ɗauko ƙusa da naɗin waya da batir a nuna musu.

Wuri na gaba ya shafi rai, shi ya sa ba na wuce shi da sauri. Idan bututu ya fashe, ruwa yana tsiyaya, kowa ya ga jiƙa, matsi ya ragu. Idan waya ta tsinke, kwarara tsayawa take cak, domin iska ba ta ba wa caji hanya a irin boltejin gida. Kalmomin ma sun juya wa juna baya: buɗe famfo yana sa ruwa ya zo, buɗe da'irar lantarki yana sa karant ya tsaya. Wasu yara har tsoro suke kada wuta ta zube daga soket ɗin da aka bari a kunne ba a sa komai ba. Wannan kuskure ne marar cutarwa. Mai cutarwar shi ne ɗan'uwansa: tun da ba abin da ke tsiyaya, ba ƙara, ba jiƙa, ƙwai ma ya mutu, to wayar ba komai a cikinta.

Ki zana musu wannan a allo. Ƙwan ɗaki yana da waya biyu, mai wuta da ta dawowa, wadda masu waya ke kira nutural. Idan nutural ta tsinke a wani wuri, ƙwan zai mutu, karant ya zama sifili. Amma boltejin yana nan, ya bi ta cikin zaren ƙwan ya tsaya a bakin guntun da ya tsinke, cikakken 230 tsakaninsa da ƙasa. Wanda ya kama wannan guntu yana tsaye ba takalmi a kan siminti mai danshi, shi ya zama ragowar hanyar. Haka in mai haɗa waya ya yi kuskure ya sa makunni a kan nutural maimakon mai wuta: a kashe makunni ƙwai ya mutu, a hau kujera a sa hannu a mazauninsa, wuta ta ja mutum. Abin da ake bukata don a cutu kaɗan ne ƙwarai. Jiki yana fara jin wajen miliamfiya 1, a wajen 10 zuwa 20 hannu kan ƙanƙame ya kasa saki, abin da ya haura haka idan ya ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Ƙaramin ƙwan gwajinmu yana jan miliamfiya 400. Tsuntsun da ke kan wayar turke yana tsira ne saboda ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, babu bambancin bolteji a tsakaninsu, ba kuma ya taɓa wata hanya ta biyu. Da damina, idan iska ta yar da waya a kan hanya, yaron da ke tunani da bututu zai duba ya ga ba abin da ke fita daga bakinta. Ina so ɗalibinki ya zama wanda zai ja ƙannensa baya.

A nan ne kuma za ki sami hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa ana shanye karant. Akwai abin kariya da ake sawa a akwatin wutar gida, an rubuta RCD ko RCCB a jikinsa, da 30 mA. Aikinsa ɗaya: yana gwada karant da ya fita ta waya mai wuta da wanda ya dawo ta nutural. In sun bambanta da abin da ya kai miliamfiya 30, ya san wani ya bi ta wata hanya, watakila ta jikin mutum, sai ya yanke. Da firji da dutsen guga suna shanye karant, da wannan na'ura ba za ta zauna a kunne ko daƙiƙa ɗaya ba. In kin san mai gyara da ke da mitar nan mai baki kamar ƙaguwa wadda ake maƙalawa a waya, ki gayyace shi aji. Ya maƙala a waya mai wuta ita kaɗai, a ga lamba. Ya maƙala a nutural, a ga lambar nan dai. Ya haɗa su biyun a baki ɗaya, mita ta nuna sifili, don mai tafiya da mai dawowa sun soke juna. Shi zai riƙe kayan, yara su karanta lamba daga inda suke.

Saura siririyar waya. Siririn tiyo illarsa ita ce jarka ta daɗe ba ta cika ba, ba wanda ya taɓa jin tiyo ya kama da wuta. Don haka mai tunani da ruwa yana ganin siririyar waya ba ta da laifi sai dai ta rage ƙarfi. Ki ɗauki mai shago da ya ja wuta daga nisan mita 30 da waya mai 1 mm², ya sa hita mai jan amfiya 10. Zuwa da dawowa mita 60 ke nan, turjiyar jan ƙarfe mai wannan kauri kuma wajen om 18 ce a kilomita, wato om 1 da ɗan kai. Bolt 10 sun faɗi a hanya, wannan kwatancen ruwa ya hango shi. Abin da bai hango ba shi ne 10 sau 10, wat 100 na zafi da ke fita a jikin wayar. In a miƙe take a sarari za ta yi ɗumi kawai. In an naɗe ta a ƙarƙashin buhuna, ko akwai wani haɗi da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, zafin taruwa yake a wuri ɗaya. Zafin kuma yana tafiya ne da karant sau kansa, P = I² × R, don haka in an ƙara hita ta biyu karant ya ninka, zafin ya kusa ninkawa huɗu. Alamominsa a bayyane suke ga wanda aka koya wa: filogi mai zafi a hannu, warin roba, bakin soket da ya yi baƙi, fitila da ke dusashewa duk lokacin da aka kunna hita.

Game da jarrabawar da suka faɗi, ni da zan sake ba su ita bayan mako biyu da yin gwajin, amma da wata fuska. Ƙwai uku iri ɗaya a layi ɗaya, a tambaye su wanne ya fi haske, da abin da mita za ta nuna a wuri huɗu. Wanda ya rubuta lambobi masu raguwa daga farko zuwa ƙarshe, har yanzu tanki da bokiti ne a kansa, sai a mayar da shi kan teburin gwaji ya juya ƙwayayen da hannunsa. Wanda ya rubuta lamba ɗaya a wuri huɗun, ki bi shi da tambaya ta biyu: to in ba abin da ya ragu, me ya sa batirin zai mutu kafin gobe? Idan ya ce makamashin ne ke fita ta haske da zafi, cajin kuwa zagaye yake, ki wuce da shi zuwa haɗin gefe da gefe, inda zoben ruwa zai sake yi miki aiki, don hanya biyu a buɗe sun fi ɗaya saurin wuce da ruwa, kuma nan ma akwai masu zaton ƙara ƙwai kullum rage karant yake.